Makero ne ko egzima? Amsar tana bakin da'irar

Ɗan yayata, yaro ɗan shekara 15 da ke makarantar kwana, ya dawo hutu da wani tabo a damtsensa na hagu. A farko bai fi murfin kwalbar lemo ba. Zagayayye ne, yana ƙaiƙayi, bakinsa yana ɗan saɓa kamar an barbaɗa dusa. Uwarsa ta aika kemis, aka kawo mata irin kirim ɗin nan da ake ce wa mai aiki uku. Cikin kwana 3 ƙaiƙayi ya ɗauke, cikin mako guda tabon ya kwanta, sai aka ajiye man. Bayan kwana 10 abin ya dawo, ya ma ɗan fi da faɗi. Aka sake shafawa, ya sake kwantawa, ya sake tasowa. Haka aka yi ta yi har kusan wata 2. Ranar da na je gidan, tabon ya kai faɗin tafin hannu, ba ya da baki tsayayye, akwai 'yan ƙuraje a gindin gashi, ga kuma wani sabo ya fito a wuya.

"Egzima ce, ta ƙi jin magani," in ji Yaya.

Yaron kuwa cewa ya yi, "Kawu, ai da farko zobe ne sosai, tsakiyarsa fes. Yanzu ne ya dame."

Maganar yaron ita ce ta warware zancen, kuma ita ce abin da nake so in yi bayani a kai. Sai dai kafin nan akwai ruɗanin suna da ya kamata a kawar. Abin da yawancin mutane a Najeriya suke kira egzima ba ita ce egzimar likitoci ba. Farare ko baƙaƙen ɗige-ɗigen nan da ke bazuwa a ƙirji da baya da wuya, waɗanda ba su cika ƙaiƙayi ba sai an yi gumi, ƙyasfi ne, kuma wata ƙwaya ce dangin yis take kawo shi. Egzimar da likita yake nufi ba ƙwayar cuta ce ke kawo ta ba sam. Fata ce ta rasa mai da danshinta, garkuwarta ta tsattsage, sai ta harzuƙa ta kumbura. Ba a ɗaukarta daga wani, ba a kuma shafa wa wani. Makero kuma, wanda idan ya hau kai wasu ke ce masa kora, ƙwaya ce mai rai dangin fumfuna, wadda take cin mataccen saman fata da gashi da farce. Ana ɗaukarsa daga mutum, daga tawul da zanin gado da mataji da abin aski, daga kyanwa ko ɗan maraƙi. Tsakanin haɗuwa da ƙwayar da bayyanar tabo yakan ɗauki kwana 4 zuwa 14. To idan mutum ya shiga kemis ya ce a ba shi maganin egzima, shi da mai kemis ɗin ba lallai abu ɗaya suke nufi ba, kuma abin da ke jikinsa yana iya zama na uku daban.

Akwai wani nau'in egzima da ke fitowa zagayayye kamar kwabo, shi ne yake rikita mutane da makero. Dukansu da'ira ne, dukansu suna ƙaiƙayi, dukansu suna saɓa. Bambancin yana cikin yadda kowanne yake rayuwa a kan fata.

Makero kamar gobarar daji yake. Ƙwayar takan sauka a wuri ɗaya, ta ci abin da ke nan, sannan ta yi gaba ta kowace fuska tana neman sabuwar fata. Wurin da ta baro, jiki ya riga ya yaƙe ta, sai ya lafa. Shi ya sa aikin duka yana baki: bakin da'irar ya ɗan tasa, idan ka shafa da yatsa za ka ji shi kamar dajiyar zane, a nan ne saɓar take, wani lokaci da ƙananan ƙuraje jere a kansa. Tsakiyar kuwa ta kwanta, ta yi kama da lafiyayyar fata, ko ta ɗan fi ta duhu ko haske. Iyakarsa a fili take, za ka iya bin ta da biro ba tare da ka yi shakkar inda ta tsaya ba. Kuma yana girma. Abin da yake murfin kwalba yau, bayan mako 2 ya fi haka. Yawanci guda ɗaya ne ko biyu, a ɓari ɗaya na jiki, kuma idan biyu suka haɗu sai su yi lanƙwasa-lanƙwasa kamar zanen taswira.

Egzima mai kama da kwabo ba ta da wannan tafiyar. Wurin duka ne ya harzuƙa lokaci guda, don haka tsakiya da gefe kamarsu ɗaya: duka ya yi kaushi, duka yana saɓa. Takan fara da tarin ƙananan ƙuraje masu ruwa da suka haɗe, sai wurin ya riƙa tsattsafo da ruwa, ya bushe ya yi ɓawo, a sosa ya sake jiƙewa. Makero bai cika yin ruwa ba. Egzima tana son ƙwauri da bayan hannu da sangalin hannu, kuma sau da yawa za ka ga ta fito a dama ta fito a hagu, uku, biyar, ko fiye. Ƙaiƙayinta ya fi tsanani, irin mai hana barci. Sauran fatar mai ita ma a bushe take, furu-furu, musamman da hunturu, lokacin da iska ta bushe kuma ake wanka da ruwa mai zafi sosai da sabulu mai ƙarfi da soso. Idan ta warke, baɗi warhaka takan dawo a daidai inda ta taɓa fitowa. Wani lokaci akwai tarihin asma ko atishawar ƙura ko bushewar fata a gidan, amma rashin wannan tarihin bai kore ta ba.

Littattafan likitanci da yawa suna cewa a duba ja. A baƙar fata jan ba ya fitowa yadda suke zana shi. Abin da za ka gani shi ne ruwan toka, ko duhu fiye da sauran fata, ko wani launi mai sirkin shuɗi. Saboda haka yatsa ya fi ido amfani a nan. Ka fita da mutum hasken rana, ba ƙwan lantarki ba, ka wanke man da ya shafa domin basilin yana ɓoye saɓa, ka shafa daga tsakiya zuwa waje. Idan yatsanka ya bi santsi sannan ya ci karo da tudu a baki, ka karkata ga makero. Idan kaushin ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ka karkata ga egzima.

Sannan ka yi tambayoyi biyu da suka fi kowane kallo. Akwai wani a gidan, ko a ɗakin kwanan makaranta, da ke da irinsa? Da muka tambayi yaron, sai ya ce abokin gadonsa yana da shi a wuya, kuma tawul ɗaya suke amfani da shi idan na ɗaya bai bushe ba. Tambaya ta biyu: me aka riga aka shafa?

Wannan ta biyun ita ce inda yawancin matsalar take. Kirim mai aiki uku haɗi ne na abubuwa uku: maganin ƙwayar makero, irin su kulotirimazol ko ketokonazol; maganin bakteriya, irin su niyomaisin ko jentamaisin; da kuma sitiroyid mai ƙarfi, yawanci betametazon ko kulobetasol. A ido dabara ce mai kyau, ko mene ne ciwon, ɗaya daga cikin ukun zai same shi. A aikace kuwa sitiroyid ɗin ne yake rinjaye. Aikinsa shi ne kwantar da faɗan da jiki yake yi a fata. Ga mai egzima wannan shi ne magani, domin faɗan shi ne ciwon. Ga mai makero kuwa faɗan nan shi ne yake tsare ƙwayar, shi ne tudun bakin da'irar, shi ne ƙaiƙayin. Idan ka kwantar da shi, ƙaiƙayi zai tafi cikin kwana 2 ko 3, tudun zai baje, mutum ya ɗauka ya warke ya ajiye man tun kafin maganin ƙwayar da ke ciki ya yi wani abin kirki. Ita kuwa ƙwayar ta sami filin da babu mai gadi. Sai ta faɗaɗa, ta bi ramin gashi ta nutsa ƙasa inda man shafawa ba ya kaiwa. Likitocin fata suna da suna na musamman ga wannan yanayin, ma'anarsa makeron da ya ɓad da kama, domin ya rasa zobensa har gwani ma yana iya ɗaukarsa egzima ya ƙara rubuta sitiroyid. Abin da ya faru da damtsen yaron ke nan.

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Sitiroyid mai ƙarfi, idan aka daɗe ana shafa shi, yana sa fata ta yi siriri, ta yi haske, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito. A matsematsi da hammata da fuska, inda fata ba ta da kauri, abin ya fi sauri, kuma nankarwar da ya jawo ba ta gogewa. A Indiya, inda aka daɗe ana sayar da irin wannan haɗin ba tare da takardar likita ba, an wayi gari da wani nau'in makero mai taurin kai wanda sau da yawa ba ya jin maganin makero da ake kira tabinafin. A shekarar 2020 aka ba shi suna a matsayin nau'i mai zaman kansa, kuma tuni ya tsallaka wasu ƙasashe, har an ba da rahotonsa a Amurka a 2023. Likitocin fata na can suna ɗora babban kaso na laifin a kan waɗannan mayuka. Mu ma irinsu ne cike da kantocinmu, har mata suna zuba su cikin man shafawa don hasken fata.

Hanya mai sauƙi ta gane shi: ka juya kwalin ka karanta jerin abin da ke ciki. Idan ka ga magani fiye da ɗaya, ka tsaya. Idan a cikin sunayen akwai wanda ke ɗauke da "beta" a farko ko a tsakiya, sitiroyid ne mai ƙarfi, wato betametazon ko kulobetasol. Ba su kaɗai ba ne, akwai irin su deksametazon, amma waɗannan biyun su ne suka fi yawa a kasuwa. Abin da mai makero yake buƙata shi ne kirim mai magani ɗaya tak.

To idan ka duba, ka shafa, ka yi tambaya, amma har yanzu ba ka tabbata ba fa? Hakan yana faruwa, domin tsohuwar egzima ma takan fara warkewa daga tsakiya ta yi kama da zobe. Mafi kyau shi ne gwaji, kuma gwajin ba shi da wahala. Ma'aikacin lafiya zai kankaro 'yar saɓa daga bakin da'irar, ba daga tsakiya ba, ya ɗiga mata wani ruwa mai narkar da fata ya bar zaren ƙwayar, ya duba a madubin likita. Ba ya zafi, ba a fitar da jini, kuma ana iya samun amsa a ranar. Sai dai idan an yi kwanaki ana shafa magani, gwajin yana iya cewa babu alhali akwai, don haka akan ce a dakata da duk wani mai na wasu kwanaki tukuna.

Inda babu halin gwaji, ra'ayina a fili yake: a fara da maganin makero zalla. Dalilin shi ne kuskuren biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Idan egzima ce ka shafa mata kulotirimazol, abin da ka yi asara shi ne mako 2 da kuɗin mai, wataƙila da ɗan raɗaɗi, kuma rashin warkewar ya ba ka amsa. Idan makero ne ka shafa masa sitiroyid, ka ciyar da ciwon, ka kuma goge alamar da za a gane shi da ita. Wannan shawara ta tabo ɗaya ne ko biyu, busasshe, a jikin mutum mai lafiya. Idan wurin yana zubar da ruwa ko mugunya, ko ya yi ɓawo mai ruwan zuma, bakteriya ta shiga, a kai asibiti.

Ƙanwar yaron, 'yar shekara 9, ita ce ta zama misalin yadda ake yi daidai. Mako guda bayan zuwana aka ga nata a cinya, sabo fil, zobe sosai, faɗinsa kamar santimita 4. Ba a taɓa shafa masa komai ba. Kafin a fara, na sa aka ɗora murfin kwalba a gefensa aka ɗauki hoto da waya, domin ido yana mantuwa, kuma bayan mako 2 gardama za a yi kan ko ya ragu ko bai ragu ba.

Aka sayo kulotirimazol mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, bututu mai giram 20. Ana wanke wurin da ruwa da sabulu mara ƙarfi, a tsane shi sosai da ƙyalle nata na kanta, domin danshi abincin ƙwayar ne. Sannan a shafa, safe da dare. Babban kuskuren da ake yi shi ne a ɗora man a tsakiyar tabon, inda ido ya fi gani. Tsakiya ita ce tokar da gobara ta baro. Ƙwayar tana baki, har ma ta wuce bakin zuwa fatar da ke kama da lafiyayya. Don haka ana shafawa a kan tabon duka, a zarce iyakarsa da kamar santimita 2 ta kowane gefe, wato faɗin yatsa ɗaya da ɗan ɗoriya. Na fi son a faro daga waje a shigo ciki. Tabon santimita 4 ya zama filin santimita 8 ke nan, kusan tafin hannun babba.

Yawan man kuma akwai ma'auninsa. Idan ka matso shi a kan manuniyar babban mutum, daga kan yatsa zuwa gaɓar farko, ka sami kusan rabin giram, kuma wannan ya isa ya rufe faɗin hannu biyu. Filin yarinyar bai fi hannu ɗaya ba, don haka rabin gaɓa ya wadatar a kowace shafawa. Rabin giram ke nan a yini, giram 14 a mako 4. Bututu ɗaya ya isa har da saura. Wannan lissafin yana da amfani ta fuska biyu. Idan bututun ya ƙare cikin mako guda, ana lafta shi ne a banza, kauri ba ya ƙara masa ƙarfi. Idan kuma mutum yana da tabo uku ko huɗu ya ce bututu ɗaya ya yi masa wata 2, to ba ya shafawa yadda ya kamata. A murza shi har ya ɓace, a wanke hannu, kada a rufe da filasta ko leda.

Sai zancen tsawon lokaci, wanda a nan ne yawancin mutane suke faɗuwa. Ƙaiƙayin yarinyar ya ragu a kwana na 4 ko na 5. A ƙarshen mako na 2 tudun bakin ya kwanta, saɓa ta daina. Nan Yaya ta ce ai shi ke nan. Ba shi ke nan ba. Kulotirimazol da 'yan uwansa, mikonazol da ketokonazol, yawanci hana ƙwayar yaɗuwa suke yi, ba kashe ta nan take ba. Suna riƙe ta ne har fata ta tura mataccen samanta waje ta zubar da shi tare da ita, kuma fata tana ɗaukar kusan mako 4 kafin ta sabunta kanta. Idan ka saki a tsakiya, ragowar da ke maƙale za ta farfaɗo. Ƙa'idar ita ce mako 2 zuwa 4, kuma a ci gaba mako 1 zuwa 2 bayan wurin ya yi sumul. Ita an yi mata mako 4 cif. Tabinafin na shafawa ya bambanta, domin shi kashe ƙwayar yake yi kuma yana daɗewa a fata bayan an daina, shi ya sa mako 1 zuwa 2 yakan isa. Ya fi tsada, amma ga wanda ya san ba zai jure wata guda ba, ya fi masa. Akwai kuma nistatin, wanda wasu ke bayarwa don sun ji shi ma maganin fumfuna ne. Yana aiki a kan farin bakin jarirai da makamantansa, amma ba ya taɓa makero.

A gefe guda aka raba tawul, aka wanke zanin gado da kayan da ke taɓa wurin da ruwan zafi, aka shanya a rana aka goge. Ba sai an hana yaro makaranta ba da zarar an fara magani. An kuma duba kan kowane yaro a gidan da tsakanin yatsun ƙafar manya, saboda sau da yawa rumbun ƙwayar yana can, jiki kawai yake ta samun iri. Mai makeron matsematsi da ke dawowa kullum, ya duba ƙafarsa da farcensa.

Shi ɗan makarantar kwanan kuwa kirim bai ishe shi ba. A asibiti aka ce a daina mai aiki ukun, kuma an gargaɗe su cewa wurin zai tashi ya yi muni na 'yan kwanaki, domin faɗan da aka danne zai dawo da ƙarfinsa. Haka aka yi, har Yaya ta kusa komawa ga tsohon man. Kankarar da aka yi ta nuna zaren ƙwayar. Saboda ta riga ta shiga ramin gashi, likita ya rubuta masa ƙwayar tabinafin ta sha na mako 4 tare da na shafawa. Abin da mai na 'yan kuɗi kaɗan zai gama a farko, sai da ya ci wata 3 da zirga-zirgar asibiti.

Wannan shi ne iyakar man shafawa gaba ɗaya: yana aiki ne a inda zai iya kaiwa. Makeron kai ba ya warkewa da kirim, ko wane iri ne, saboda ƙwayar tana cikin silin gashin har gindinsa. Yaron da kansa ya yi faci-faci, gashi ya kakkarye, yana buƙatar maganin sha, girisiyofulbin na mako 6 zuwa 8, wanda ake sha da abinci mai maiƙo don ya shiga jiki, ko tabinafin na kusan mako 4, gwargwadon nauyin yaron. Sabulun wanke kai mai ketokonazol yana rage yaɗawa ga wasu, amma shi kaɗai ba ya warkarwa. Idan kan ya kumbura ya yi taushi yana fitar da mugunya ta ramukan gashi, kada a kai wa wanzami ya tsaga. Ba maruru ba ne, makeron ne jiki ya yi wa mummunan faɗa, kuma jinkiri yana barin sanƙo na dindindin. Haka gemu, haka farce, haka makeron da ya mamaye jiki. Mai juna biyu ba ta shan girisiyofulbin. Babban mutum kuma da makero ya bazu masa ko yake ta dawowa duk da ya bi ƙa'ida, ya kamata a auna sukarinsa a kuma yi masa gwajin ƙanjamau.

Idan an yi mako 2 ana shafawa daidai, hoton farko da na yau ba su da bambanci, to a sake tunani. Mai yiwuwa egzima ce tun asali. Maganinta kusan kishiyar na makero ne: shi ana so a busar, ita ana so a jiƙa. A rage zafin ruwan wanka, a ajiye soso da sabulu mai ƙarfi da ruwan kashe ƙwayoyin da ake ɗigawa a bokiti, a shafa basilin ko man kaɗanya da zarar an fito tun jiki da sauran lema, a maimaita cikin yini. A nan ne sitiroyid yake da gurbinsa na gaskiya, kuma irin mai kama da kwabon nan takan buƙaci mai ɗan ƙarfi, na ƙayyadadden lokaci, wanda likita ya zaɓa bisa ga wurin da take. Na fuska da na ƙwauri ba ɗaya ba ne.

Akwai kuma zagayayyun tabo da ba makero ba ne ba kuma egzima ba. Biyu daga ciki sun cancanci a san su a ƙasarmu. Na farko, tabo mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, kuma idan an taɓa shi da auduga mutum yana rufe da ido ba ya ji. Wannan alamar farko ce ta kuturta, kuma maganinta kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, tana warkewa sarai idan an kama ta kafin ta taɓa jijiya. Na biyu, baƙin tabo zagayayye mai santsi, a leɓe ko hannu ko al'aura, wanda ke tashi ya yi zafi duk lokacin da mutum ya sha wani magani, sau da yawa masu sinadarin salfa irin su seftirin. Wannan ba ya son kirim, yana son a gane maganin a daina shansa.

Dabarun nan na a kankare da reza a goga tafarnuwa, ko man birki, ko ruwan batir, ba zan daɗe a kansu ba. Suna ƙona fata ne, kuma tabon ƙunar ya fi na makero daɗewa.

Da na koma gidan bayan sallah, damtsen yaron ya yi sumul, amma akwai inuwa mai duhu a daidai inda ciwon ya zauna. Cinyar ƙanwar ma haka, nata ya ɗan yi haske. Yaya ta nuna mini ta ce, "Ka gani, bai tafi duka ba, ko a ƙaro wani bututun?" Na shafa da yatsa. Babu tudu, babu saɓa, ba ya ƙaiƙayi, kuma da muka gwada da hoton wata guda baya, bai ƙara ko ƙwayar gero ba. Launi ne kawai ya rage, irin wanda baƙar fata take bari bayan kowane kumburi, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya saje. Na ce mata basilin ya isa, ta kuma ɗauke tsohon man nan daga kan madubi, domin na lura rabinsa ya tafi, kuma ba a damtsen yaron ya tafi ba.